An turo mana imel wai ba mu biya kuɗin kaya ba, kuma lambar asusu ta canza

Mai Fenti, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah a taimaka min da shawara kafin gobe Juma'a. Ni nake riƙe da lissafin shagon kayan gini na yayana. Akwai wani kamfani a Legas da muke sarin fenti a wurinsa, shekara huɗu ke nan, ba mu taɓa samun matsala ba. Wata jiya sun kawo mana kaya na naira 1,600,000, da harajin VAT 120,000, jimla 1,720,000, a kan za mu biya cikin kwana 30. Yau bayan la'asar sai ga imel da sunan akantarsu, da tambarinsu, da lambar inbois ɗin daidai, wai kuɗin ya wuce lokaci, idan ba mu biya ba kafin ƙarfe 12 na ranar gobe za su daina ba mu kaya bashi. A ƙasa kuma sun rubuta cewa kada mu tura a tsohon asusu, masu binciken kuɗi suna aiki a kansa, ga sabo. Yaya ya ce in tura kawai kada mu ɓata da su. Ni dai hankalina bai kwanta ba, amma ban san abin da zan nuna masa ba.

Baba Na Rigasa:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka tura ko sisi yau. Kuɗin da ya kwana a hannunka naka ne, wanda ya fita kuma sai addu'a.

Ɗan Kawo:
Abu mai sauƙi. Ka duba Turancin. 'Yan damfara ba su iya rubutu ba, za ka ga kuskure ko'ina. Idan Turancin tsaf yake, ga tambari ga lambar inbois, ai na gaske ne. Wa zai san lambar inbois ɗinku in ba su ba?

Mai Fenti, Tudun Wada:
Turancin tsaf yake. Har irin gaisuwar da matar take yi a ƙarshen saƙo tana nan.

Akanta, Barnawa:
Ɗan Kawo, wannan gwajin ya tsufa. Da can ana kama su da shi, yanzu kuwa kwafar tsohon saƙon kamfanin suke yi sukutum, su canza layi biyu. Tambari hoto ne, kowa zai iya ɗaukowa. Amma tambayarka ta ƙarshe tana da nauyi, za mu dawo kanta.

Mai Fenti, kafin mu shiga cikin imel ɗin, rufe shi tukuna ka buɗe littafinka. Shekara goma sha biyu ina aikin biyan masu kawo kaya, kuma abin da nake fara yi ke nan kullum, don takardar da ke hannuna ba ta san abin da mai saƙon yake so in yarda da shi ba. Ka ɗauko inbois na takarda da ya zo tare da kayan, da wayabil ɗin direba. Yaushe aka kawo kayan? Kwana 30 ɗin sun cika? Kun taɓa rage wani abu a ciki?

Mai Fenti, Tudun Wada:
Na ɗauko. Kwana 21 ke nan da sauke kayan, saura kwana 9. Kuma wallahi sai yanzu na tuna, mako biyu da suka wuce Yaya ya tura musu 700,000, ya aika wa mai kula da cinikinmu rasit ta WhatsApp. Ke nan abin da ya rage 1,020,000 ne. Amma imel ɗin yana neman 1,720,000 cif.

Akanta, Barnawa:
To ka gani. Abu biyu sun riga sun saɓa: lokaci bai yi ba, kuma adadin bai san da 700,000 ɗin ba. Kowanne shi kaɗai zai iya zama kuskuren ofis, don akantoci suna mantawa su shigar da biya, ni ma na taɓa yi. Amma ka haɗa su da gaggawar ƙarfe 12, da sabon asusu. Sabon asusun nan shi ne zuciyar maganar. Duk sauran rubutun an yi shi ne don ya kai ka ga layin nan ba tare da ka tsaya ba. Ka lura da ranar ma. Juma'a da tsakar rana mutane suna shirin masallaci, daga nan ofisoshi a rufe sai Litinin, wanda ya tura kuɗi ba zai gane ba sai bayan kwana uku.

Kuma ka riƙe wannan: wanda ya rubuto ya san abin da ya bi ta imel, bai san abin da ya bi ta WhatsApp ba.

Maman Biyu:
Irin wannan ya faru da ni a shagona na Kasuwar Barci. Wata ta sayi leshi na 85,000, ta nuna min alat a wayarta, ni ma saƙo ya shigo min, ashe na bogi ne. Sai da yamma na duba manhajar banki na ga babu komai.

Baba Na Rigasa:
Allah ya mayar miki da alheri 'yata. Amma naki alat ɗin ƙarya ne cewa an biya ki. Nasa ana neman shi ne ya biya.

Maman Biyu:
Haka ne Baba, na yi saurin karantawa. Amin, na gode.

Injiniya, Unguwar Rimi:
Ba ta yi nisa da maganar ba ai, duka biyun saƙo ne aka yarda da shi ba a duba tushe ba. Mai Fenti, a Gmail kake karantawa? Idan a waya ne, taɓa ƙaramar kibiyar da ke ƙarƙashin sunan mai aikowa, kusa da inda aka rubuta `to me`. Sunan da kake gani a sama ba komai ba ne, kowa yana iya rubuta sunan da ya ga dama a wurin. Cikakken adireshin nake so, musamman abin da ke bayan alamar `@`, sannan ka ga ko akwai layin `Reply-to`, wato adireshin da amsarka za ta tafi. Kada ka sa sunan kamfanin a nan, ka kwatanta da tsohon saƙonsu na gaske kawai, harafi bayan harafi.

Mai Fenti, Tudun Wada:
Na duba sau biyu na ga iri ɗaya ne. Sai na kwafa duka biyun na ajiye ɗaya a kan ɗaya na ƙara girman rubutu. Innalillahi. Akwai harafin m a sunansu, a sabon saƙon an rubuta r da n a manne. Idan da sunansu example ne, ga yadda yake:

```
accounts@example.com
accounts@exarnple.com
```

A waya wallahi ba za ka taɓa gani ba.

Ɗan Kawo:
Kai! Na ɗauki minti guda ina kallo kafin na gano.

Injiniya, Unguwar Rimi:
Haka suke yi. Su sayi adireshi mai kama da na kamfanin, kuɗinsa ba shi da yawa, a yini ɗaya sun gama. Wani lokaci r da n a madadin m, wani lokaci lamba 1 a madadin ƙaramin l, ko su ƙara `-ng` ko `ltd` a ƙarshe, ko su mayar da `.com.ng` ya zama `.com`. Da a ce ka danna amsa ka tambaya ko gaskiya ne an canza asusu, wajensu amsar za ta je, su ce maka ƙwarai kuwa, har su turo maka wasiƙa mai hatimi.

Ɗalibin Kadpoly:
Injiniya, an koya mana cewa a kwamfuta in ka danna ɗigo uku ka zaɓi `Show original`, za ka ga gwaji uku na tantance inda saƙo ya fito, SPF da DKIM da DMARC. Idan duka sun nuna `PASS` saƙon na gaske ne. Ba sai ya duba wannan kawai ba?

Injiniya, Unguwar Rimi:
Ya duba, yana da amfani, amma ka gane abin da yake faɗa maka. `PASS` yana nufin saƙon ya fito daga wanda ya mallaki adireshin da ke jikinsa. To a nan adireshin mai r da n na ɗan damfarar ne, shi ya saya, shi ya saita shi, don haka zai iya cin gwajin nan duka uku lafiya lau. Gwajin yana kama wanda ya liƙa ainihin adireshin kamfanin a saƙon da bai fito daga kamfanin ba, a nan ne za ka ga `FAIL`. Idan ka ga `FAIL` ka ja baya. Idan ka ga `PASS` ba ka gama aiki ba.

Akwai ma wanda ya fi wannan wuya. Idan sun sace kalmar sirrin akantar kamfanin, daga cikin akwatinta na gaske za su rubuto, a ƙarƙashin tsohuwar hirarku, adireshi daidai, komai `PASS`. A wannan halin babu abin da idonka zai gani a allo. Shi ya sa ba na son mutane su dogara da duba adireshi kaɗai, yau ya yi wa Mai Fenti aiki ne don waɗannan ba su samu shiga can ba, ko ba su so ba.

Ɗalibin Kadpoly:
To in haka ne me ya rage?

Akanta, Barnawa:
Waya. Amma ba lambar da ke cikin saƙon ba, ko da a ƙasan takardar take da tambari. Lambar da ka daɗe kana kira, wadda take cikin wayarka tun kafin yau, kuma kai za ka kira, ba su za su kira ka ba. A ofishinmu ƙa'ida ce a rubuce: ba a canza asusun mai kawo kaya da imel, ko manajan darakta ne ya ce a yi. Sai an kira wanda muka sani da murya, shi ya karanto lambar asusun da bakinsa, lamba goma ɗin nan, mu muna dubawa. Ba ma karanto masa mu ce haka ne? Mutum yana cikin hidima zai ce e kawai. Sannan mutum na biyu ya sa hannu. Mai Fenti, kira mai kula da cinikinku yanzu.

Mai Fenti, Tudun Wada:
Na kira sau uku bai ɗauka ba, dare ya fara yi. Na bar masa saƙo. Yaya yana cewa mu tura naira 100 mu gwada asusun, in ya shiga shi ke nan.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Ka gaishe da Yayan, ka ce masa naira 100 za ta shiga, domin asusun yana nan da rai, ai shi ya sa suka ba ku shi. Shigarta ba ta gaya muku na wane ne ba. Gwajin ƙaramin kuɗi yana da amfani ne kawai idan bayan ka tura ka kira mutumin da ka sani ya tabbatar maka cewa ya gani a asusun kamfaninsu. Ka ga ke nan an sake dawowa kan wayar.

Abin da za ka iya yi yanzu ba tare da ka tura komai ba: shiga manhajar banki, sa lambar asusun da sunan bankin kamar za ka yi taransfa, ka tsaya inda sunan mai asusu yake fitowa. Ka karanta, ka fita. Me ya fito?

Mai Fenti, Tudun Wada:
Kalmar farko ta sunan kamfanin ce, amma sauran ya bambanta. Na gaske yana ƙarewa da `Limited`, wannan kuma `Global Ventures`. Bankin ma daban.

Ɗan Kawo:
To ai ni dama abin da na sani shi ne in sunan mutum ya fito maimakon kamfani, damfara ce. In sunan kamfani ya fito babu matsala.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Rabin farko yana da kyau. Kamfanin da ya kai ya riƙa ba da inbois da VAT bai kamata ya ce a biya shi a asusun wani mutum ba. Rabi na biyu kuwa ga shi ka gani da idonka. Masu shiri sosai suna rajistar sunan kasuwanci mai kama da na wanda za su kwaikwaya, su buɗe asusu da shi. Mai gaggawa kalmar farko yake karantawa ya danna. Sunan ya zama daidai da wanda ke kan tsohon inbois har ƙarshensa. In kana so ka ƙara tabbatarwa, shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, yana da wurin bincike na kyauta, ka sa suna ko lambar rajista ta RC da ke kan takardarsu ka ga sunan da aka yi wa rajista. Amma kada ka ce don ka ga suna a CAC mai shi mutumin kirki ne, rajista kawai ta nuna.

Malama, Malali:
Ku yi haƙuri in shigo da nawa, don ni tes ne ba imel ba. Mahaifiyata an turo mata saƙo wai ana bin gidanta kuɗin wuta 46,500, za a yanke cikin awa 24, da linki a ƙasa. Abin da ya ruɗa mu, saƙon ba daga lambar waya ya zo ba, suna ne a sama, kuma ya faɗo cikin jerin saƙonnin da ake turo mata da ma. Ƙanena ya danna, shafin ya nemi lambar kati da PIN, ya sa, sai aka turo lambar OTP ya sa ita ma. Cikin minti goma an kwashe 212,000, kuɗin fanshonta. Har yau in ta tuna sai ta yi shiru. Yaya aka yi saƙon ƙarya ya shiga cikin na gaske?

Injiniya, Unguwar Rimi:
Allah ya mayar wa Hajiya da mafi alheri. Sunan da ke saman tes rubutu ne da mai aikawa yake sakawa ta hanyar masu tura saƙo da yawa a lokaci guda. Kamfanonin layi suna ƙoƙarin tacewa, amma wasu suna kutsawa. Ita kuma waya ba ta bincike, duk saƙon da ya zo da suna iri ɗaya sai ta jera su wuri ɗaya. Don haka zamansa cikin jerin ba shaida ba ce.

Linkin kuma akwai yadda ake karanta shi. Ki bar farkonsa. Ki nemo sandar `/` ta farko bayan `https://`, ki karanta abin da ke dab da ita ta hagu. Misali:

```
https://example.com.invoice.example.net/pay
```

Ido zai ga `example.com` a gaba ya natsu, alhali gidan da za a kai ki `example.net` ne, duk abin da ke gabansa ado ne mai gidan ya rubuta. In adireshin mai `.com.ng` ne ko `.gov.ng`, kalmar da ke gabansu ita ce mai gidan. Gajeren linki irin na `bit.ly` kuwa ba ya nuna inda za shi sam. Hoton kwaɗon nan da ke saman shafi ma ba ya nufin masu shafin na gaskiya ne, yana nufin hanyar da ke tsakaninki da su a rufe take, ko da ɓarayi ne.

Malama, Malali:
Amin. Abin haushin ma mita mai kati take amfani da ita.

Baba Na Rigasa:
Mu da muke da tsohon bashi a mita, a lokacin sayen wuta ake cirewa kaɗan kaɗan, kuma yana fitowa a rasit. Ni in na ga irin saƙon nan, lambar mitata nake ɗauka in je ofishinsu da ƙafata.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Malama, ki gaya wa ƙanin naki, lambar OTP sa hannu ce. Saƙon da take zuwa a ciki sau da yawa yana faɗin adadin da za a cire, kuma yana cewa kada a ba kowa, amma mutum lambar kawai yake kwafa bai karanta sauran ba. Kun kai ƙara banki?

Malama, Malali:
Mun je washegari. Sun rufe katin, sun karɓi takarda, suka ce za su bincika. Wata biyu ke nan.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Ba zan yi miki alkawarin kuɗin zai dawo ba, don idan mai kati ne ya sa PIN da OTP da hannunsa, maganar tana yin wuya. Amma kada ku bari haka. Idan mako biyu sun wuce banki bai warware ƙorafi ba, kuna da damar rubuta wa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN, ku haɗa da shaidar cewa kun fara kai wa bankin. EFCC ma tana da ofishi a nan Kaduna. Ku ajiye tes ɗin kada ku goge.

Ga duk wanda ya riga ya tura taransfa kuma, awa ɗaya ta fi mako daraja. Ka kira bankinka nan take, ka ba su lambar `Session ID` da ke kan rasit, mai lamba 30, ka ce damfara ce, su sanar da bankin da kuɗin ya je a riƙe asusun. Ɓarayin suna rarraba kuɗin zuwa wasu asusu ko su cire a POS cikin ɗan lokaci. Ko an yi sa'a an riƙe, mayarwa takan buƙaci rahoton 'yan sanda, wani lokaci har da umarnin kotu.

Akanta, Barnawa:
Mu koma tambayar Ɗan Kawo ta farko, don ita ce take damuna. Wa ya ba su lambar inbois da adadin kuɗin da salon gaisuwar matar? Ba tsinta suka yi a titi ba. Wani yana karanta akwatin imel, ko na kamfanin ko na shagonku.

Mai Fenti, Tudun Wada:
Namu kuma? Mu uku ne kawai muke da kalmar sirrin.

Injiniya, Unguwar Rimi:
Da safe ka hau kwamfuta, don manhajar waya ba ta nuna waɗannan. A Gmail ka shiga `Settings`, `See all settings`, ka buɗe `Forwarding and POP/IMAP` ka ga ko akwai adireshin da ake tura wa kwafin saƙonninku. Sannan `Filters and Blocked Addresses`, ka ga ko akwai wata ƙa'ida da ba ku kuka sa ba. A can ƙasan akwatin kuma ta dama akwai `Last account activity`, danna `Details` ka ga daga ina ake shiga.

Mai Fenti, Tudun Wada:
Barkanmu da Juma'a. Abu biyu.

Na farko, mutumin Legas ya kira ni ƙarfe 8. Ba su canza asusu ba, ba su turo komai ba, ya ga 700,000 ɗinmu, saura 1,020,000 kuma sai mako mai zuwa. Ya ce zai sanar da sauran dilolinsu. Yaya yana tsaye yana ji, bai ce uffan ba, sai ya zauna a kan bokitin fenti ya cire hula.

Na biyu, Injiniya, a namu ne. Na sami ƙa'ida guda da ba mu muka sa ba: duk saƙon da ke da kalmar `invoice` ko `payment` a tura shi wani adireshi da ban sani ba. Da na matsa wa yaron shagonmu sai ya tuna, wajen mako biyar da suka wuce wani imel ya zo wai inbois na kuɗin dakon kaya, da fayil mai suna `invoice.pdf.html`. Da ya buɗe sai shafi ya fito kamar na shiga Gmail, ya ce a sa kalmar sirri kafin a ga takardar. Ya sa, bai ga komai ba, ya ɗauka matsalar sabis ce ya ci gaba da aikinsa.

Injiniya, Unguwar Rimi:
To ga ƙofar. Inbois na ƙarya biyu aka turo muku, na farkon ba kuɗi yake nema ba, mabuɗi yake nema. Ƙarshen sunan fayil shi ne gaskiyarsa, `.html` shafi ne ba takarda ba, kuma takardar PDF ba ta neman kalmar sirrin imel ɗinka. A waya in ka ga `.apk` manhaja ce, tana iya karanta tes ɗinka har da OTP.

Ka yi su a jere. Ɗauki hoton ƙa'idar don shaida. Canza kalmar sirri, ka fitar da duk na'urar da ba ka sani ba, ka kunna `2-Step Verification` don a riƙa neman shaida ta biyu bayan kalmar sirri, ka duba lambar waya da imel na dawo da akwati ko an sauya su, sannan ka goge ƙa'idar. Mutane suna canza kalmar sirri su bar ƙa'idar, ita kuwa ci gaba take da tura musu kwafi. In kuna amfani da kalmar sirrin nan a wani wuri, can ma a canza. Kuma ka buɗe `Sent` da `Trash` ka ga ko sun rubuta wa kwastomominku da sunanku.

Maman Biyu:
Don Allah kada a kori yaron. Manya ma suna faɗawa.

Mai Fenti, Tudun Wada:
Ba za a kore shi ba Hajiya, gaskiyar da ya faɗa ce ta sa muka gano.

Ɗan Kawo:
Ina da tambaya. Da a ce sun tura kuɗin, bashin ya faɗi ko yana nan? Ni a ganina tunda akwatinsu aka shiga, yana nan. Amma da na kamfanin aka shiga fa, aka rubuto daga adireshinsu na gaske? Ai sakacinsu ne, su ya kamata su ɗauki asara.

Akanta, Barnawa:
Ni na ga irin wannan sau ɗaya, kuma mai saye ne ya sake biya, don kamfanin cewa ya yi kuɗi bai shigo hannunsa ba, kaya kuma an karɓa. Mai sayen yana buƙatar su fiye da yadda suke buƙatarsa.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Wannan ƙarfi ne ya yi aiki, ba lallai hukunci ba. Na san inda aka raba asarar biyu saboda kowa yana da nasa sakacin. Magana ce ta lauya da abin da ke cikin yarjejeniyarsu.

Baba Na Rigasa:
A wajena wanda ya biya ba ga mai haƙƙi ba bai biya ba. Amma wanda ya bar ƙofarsa a buɗe har aka cuci abokin cinikinsa shi ma ba zai wanke hannu ya tafi ba. A tambayi malamai.

Ɗan Kawo:
Ban gamsu ba tukuna Baba, amma zan tambaya.

Mai Fenti, Tudun Wada:
Na gama duk abin da Injiniya ya ce. A `Trash` na sami saƙo guda da aka aika da sunanmu shekaranjiya zuwa ga wani ɗan kwangila a Sabon Tasha da muke bi 340,000, wai mun canza asusu. Na kira shi yanzu, wayarsa a kashe. Na hau babur zan je wurin aikinsa kafin a tafi masallaci. Tsohon Ma'aikacin Banki, in ya riga ya tura, bankinsa zai fara kira ko namu?

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Nasa, kuma shi da kansa, da rasit ɗin a hannu. Ka tafi da lambar asusun da suka ba shi a rubuce.